Matakai Uku a Cikin Rijiyar Nanomita Goma

A shekarar 1974, a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, Raymond Dingle da Charles Henry da abokin aikinsu Wiegmann suka haska haske a kan wani siririn shimfiɗi na sinadarin GaAs wanda aka danne tsakanin shimfiɗu biyu na AlGaAs. Da dunƙulen GaAs ne mai kauri, da zarar hasken ya kai wani ƙarfi sai ya yi ta shan sa a jere babu yankewa. Wannan siririn kuwa hawa-hawa ya riƙa shan hasken, kuma da an sauya kaurin shimfiɗin sai hawan su gusa. Ma'anar wannan ita ce ilektiron da ke cikin shimfiɗin ba kowane adadin makamashi yake iya ɗauka ba. Akwai 'yan matakai da aka yarje masa, tsakaninsu babu wurin tsayawa.

Abin da ya ba wannan gwaji daɗi shi ne lissafin da ya bayyana shi ba sabo ba ne. Darasi ne da ɗaliban fiziks suka daɗe suna yi a aji tun bayan da Erwin Schrödinger ya fitar da lissafinsa na taguwa a 1926, wato darasin rijiya mai tsayayyen bango da iyakantaccen zurfi. A yau irin wannan shimfiɗi ne ke cikin ƙananan na'urorin leza da ke tura saƙo ta wayar gilashi, da kuma fitilun LED da yawa. Tambayar da nake so mu bi ita ce: daga ina matakan suke fitowa, kuma yaya ake ƙirga su?

Rijiyar da ake magana ba rami ba ce da ido zai gani. Ilektiron yana zama da ƙarancin makamashi a cikin GaAs fiye da yadda yake zama a cikin AlGaAs, saboda haka idan zai tsallaka daga na farko zuwa na biyu sai ya biya wani adadin makamashi. Wannan adadi shi ne zurfin rijiyar, ana rubuta shi V₀. Kaurin shimfiɗin tsakiya kuma shi ne faɗinta. A kan takarda ana zana ta da shimfiɗaɗɗen gindi da bango biyu tsayayyu, a sa sifili a tsakiya, bango ɗaya a x = a, ɗayan a x = −a. A lura da wannan tun yanzu: a rabin faɗi ne, cikakken faɗin 2a ne.

Da ƙwallo ce a cikin irin wannan rijiya, da zancen ya ƙare a jimla biyu. In makamashinta bai kai V₀ ba, za ta yi ta kai da komo tsakanin bango biyu da kowane irin gudu, kuma ba za a taɓa samun ta a waje ba. Ilektiron bai bin wannan tsari. Ana kwatanta shi da taguwa da ake kira ψ, wadda girmanta a kowane wuri, idan aka ninka shi da kansa, yake faɗin yiwuwar a same shi a wurin. Lissafin Schrödinger kuma abu ɗaya yake faɗa game da wannan taguwa: yadda za ta lanƙwasa a kowane wuri ya dogara ne da bambancin makamashin ilektiron, E, da tsayin wurin da yake.

A cikin rijiya, inda E ya fi gindi tsayi, taguwar kullum tana lanƙwasowa zuwa ga layin sifili. In ta hau sai ta sauko, in ta nutse sai ta taso. Wannan shi ne halin cos da sin, kuma lambar da ke faɗin saurin hawa da saukar ita ce k = √(2mE)/ħ, inda m yake nauyin ilektiron, ħ kuma lambar Planck ce da aka raba da 2π. Yawan makamashi, yawan lanƙwasa.

A wajen rijiya lamarin ya juye. E bai kai V₀ ba, don haka taguwar tana lanƙwashewa ne nesa da layin sifili. Hanya biyu kaɗai ke gare ta a nan: ko ta yi ta ƙaruwa babu iyaka, ko ta yi ta raguwa tana kusantar sifili ba tare da ta taɓa shi ba. Ta farko ba ta karɓuwa, domin in aka tara yiwuwar samun ilektiron a ko'ina dole jimlar ta zama ɗaya cif, abin da ke ƙaruwa babu iyaka kuwa ba ya taruwa. Sai a bar ta biyun, wutsiya mai dusashewa, e^(−κx), wadda saurin dusashewarta shi ne κ = √(2m(V₀ − E))/ħ. Wannan wutsiya tana nufin ana iya samun ilektiron a cikin bango, wurin da a tsohon lissafi ba shi da kuɗin shiga.

Har zuwa nan babu abin da ya hana kowane E. Ka zaɓi duk adadin da ka ga dama tsakanin sifili da V₀, za ka iya zana cos a ciki, ka zana wutsiya a waje. Matsalar tana bakin bango, inda za a haɗa su.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tela yana haɗa ƙyalle biyu na atamfa mai zane ya san haɗuwar layi da layi a bakin ɗinki ba ta isa ba. Layin da ya zo a karkace daga hagu dole ya ci gaba da irin wannan karkatar a dama, in ba haka ba ido zai kama karaya a wurin ko da layukan sun taɓa juna. Sharuɗɗan da ake gindaya wa taguwa a bakin bango ke nan, guda biyu: tsayinta ya zama ɗaya ta ciki da ta waje, gangarenta ma ya zama ɗaya. Ba don kyan gani aka sa su ba. Lanƙwasa ita ce saurin sauyawar gangare, kuma lissafin Schrödinger ya ce lanƙwasar daidai take da bambancin makamashi sau ψ. Tun da zurfin rijiyar yana da iyaka, lanƙwasar ma tana da iyaka, gangare kuwa ba zai yi tsalle farat ɗaya ba sai da lanƙwasa marar iyaka. Shi ya sa a rijiya marar iyakar zurfi, wadda ake fara koya wa ɗalibai, taguwa take iya karyewa a bango ta tsaya cik. A tamu ba ta da wannan dama.

Da yake gefen rijiyar biyu iri ɗaya ne, taguwar da za ta zauna a ciki iri biyu ce kawai. Akwai wadda hagunta da damanta suke daidai, ita ce ta cos. Akwai wadda in ta hau a dama sai ta nutse a hagu, ta ratsa sifili a tsakiya, ita ce ta sin. Wannan yana rage aiki, domin in bango ɗaya ya haɗu, ɗayan ma ya haɗu. Mu ɗauki ta cos a bangon dama. Sharaɗin tsayi da na gangare suna ba da layi biyu:

A cos(ka) = B e^(−κa)

k A sin(ka) = κ B e^(−κa)

A da B girman taguwar ne a ciki da waje, ba mu san su ba, kuma ba ma buƙatar sanin su. A raba layi na biyu da na farko, sai su shafe, a bar:

k tan(ka) = κ

In aka yi haka da ta sin, abin da ke fitowa shi ne −k cot(ka) = κ.

A nan ne matakan suke fitowa. Girman B yana iya gyara tsayi ya dace a kowane hali, amma ba ya iya gyara gangare a lokaci guda. Abin da ya rage a murɗa shi ne E kaɗai, domin k da κ duk daga shi suke. In E ya yi ƙanƙanta, taguwar ciki tana isa bango ba ta karkato ƙasa sosai ba, sai a waje ta ɗaga sama ta tsere. In ya yi yawa, tana isa da gangare mai tsanani, ta ratsa sifili ta tsere ƙasa. A tsakanin waɗannan biyu akwai E guda da zai sa ta kwanta daidai kan wutsiya mai dusashewa. Babu wanda ya kawo dokar matakai daga waje ya ɗora wa ilektiron. Haɗin bakin bango ne ya tace su.

Sai dai wannan lissafi ba ya warwaruwa da aljabara. E yana cikin tan, yana kuma wajen tan, babu dabarar da za ta ware shi gefe guda. Mafita ita ce zane, kuma a ganina zanen ya fi lambobin da kwamfuta za ta fitar koyarwa, domin yana nuna amsar dukan rijiyoyi a shafi ɗaya.

Ga yadda ake yi. A ninka k da κ da a, a kira su z = ka da w = κa. In aka ninka kowanne da kansa aka tara, E yana ɓacewa:

z² + w² = z₀², inda z₀ = a√(2mV₀)/ħ

Wannan da'ira ce, kuma z₀ shi ne nisan bakinta daga tsakiya. Duk labarin rijiyar, faɗinta da zurfinta da nauyin abin da ke ciki, ya dunƙule a wannan lamba guda. Sharuɗɗan bango kuma sun zama w = z tan z da w = −z cot z. Ka ɗauki takarda, ka ja layin z a kwance, layin w a tsaye. Layin z tan z yana tasowa daga sifili, ya yi ta hawa har ya miƙe sama kusa da 1.57, wato π/2. Daga 1.57 ɗin kuma layin −z cot z yake tasowa daga ƙasa, ya miƙe sama kusa da 3.14. Daga 3.14 reshe na biyu na tan ya taso, daga 4.71 reshe na biyu na cot, haka suke karɓa-karɓa. Waɗannan rassa ba sa sauyawa ko wace rijiya ce. Abin da ke sauyawa girman da'ira ne. Ka ɗora kamfas a sifili, ka ja rubu'in da'ira ta sama-dama, domin z da w ba sa zama ƙasa da sifili. Duk inda da'irar ta yanke wani reshe, mataki ne.

Mu gwada da rijiya irin ta gaske. Shimfiɗin GaAs mai kaurin nanomita 10, wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita, saboda haka a = 5. Zurfi ya danganta da yawan alminiyam da aka zuba a bangon, mu ɗauki 0.3 eV. A cikin GaAs ilektiron yana tafiya kamar wanda nauyinsa 0.067 ne na nauyin da yake da shi a sarari. Ga ilektiron na sarari, ħ²/2m yana ba da 0.0381 a ma'aunin eV da nanomita. Raba shi da 0.067 ka sami 0.569. Raba zurfin, 0.3, da wannan ka sami 0.527, tushensa 0.726, sau 5 ya ba da z₀ = 3.63.

Kafin mu taɓa kalkuleta a karo na biyu, mun san yawan matakan. Rassan da suka taso daga 0 da 1.57 da 3.14 suna cikin da'irar, kuma tun da kowanne sama yake miƙewa, dole ya fasa ta ya fita. Wanda ya taso daga 4.71 yana waje. Matakai uku ke nan: na cos, na sin, na cos.

Zane zai nuna mahaɗar farko a wajen 1.2. Daga nan sai a matso da gwaji, ana kwatanta z tan z da √(13.19 − z²). A z = 1.2, na farko ya ba da 3.09, na biyu 3.43, ba a kai ba. A 1.25, na farko ya zama 3.76, na biyu 3.41, an wuce. A 1.23 ana samun 3.47 da 3.42, saura ƙiris. A 1.226 sun zama 3.41 da 3.42, to amsar tana nan. Mayar da ita makamashi abu ne mai sauƙi: E = V₀(z/z₀)², wanda ya ba da 0.034 eV daga gindin rijiya. Haka za a bi a sami z = 2.41 ga mataki na biyu, wato 0.133 eV, da z = 3.45 ga na uku, wato kusan 0.27 eV.

Yanzu a kwatanta da abin da rijiya marar iyakar zurfi za ta ce a wannan faɗi: 0.056 da 0.224 da 0.505 eV. Na farko ya zarce gaskiya da fiye da rabi. Na ukun kuwa ya ma wuce bakin rijiyar tamu, wanda yake 0.3. Injiniyan da ya dogara da wancan sauƙaƙan lissafi zai ƙera leza da zai fitar da wani launi dabam da wanda aka nema. Dalilin da ya sa matakan gaske suka sauko a fili yake a kan zanen: da'ira mai iyaka tana yanke kowane reshe kafin ya kai ƙarshensa a 1.57 ko 3.14 ko 4.71. Ta fuskar ilektiron kuma, tun da taguwar tana iya miƙa wutsiya cikin bango, ba sai ta matse kanta sosai ba, ƙarancin lanƙwasa kuwa ƙarancin makamashi ne.

Tsayin mahaɗar a kan takarda, wato w, shi ma yana da labari. Shi ke faɗin tsawon wutsiya, a/w. A mataki na farko w = 3.42, wutsiyar tana shiga bango da kusan nanomita 1.5, kuma yiwuwar samun ilektiron a waje ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. A mataki na uku mahaɗar ta sauko ƙasa, w bai wuce 1.12 ba, wutsiyar ta kai nanomita 4.5, kusan rabin faɗin rijiyar kanta, yiwuwar samun sa a waje kuma ta haura kashi 40 cikin 100. Sunansa ɗaurarre, amma kusan rabin zamansa a cikin bango yake yi. Shi ya sa in aka jera rijiyoyi biyu da siririn bango a tsakani, manyan matakai ne ke fara jin juna.

Akwai wani abu da zanen yake nunawa kyauta wanda lambobi ba za su nuna da sauƙi ba. Ka riƙa tsuke kamfas. Da faɗin rijiyarmu ya sauko ƙasa da nanomita 8.7, da'irar ba ta kai 3.14, mataki na uku ya fice. Ƙasa da 4.3, na biyu ya bi shi. Na farkon fa? Reshensa daga sifili ya taso, daga tsakiyar da'irar kanta, saboda haka komai ƙanƙantar da'ira sai ya fasa ta. Rijiya mai gefe biyu iri ɗaya a kan layi guda, komai rashin zurfinta, komai sirantakarta, tana riƙe mataki ɗaya aƙalla. Amma kada a yi saurin ɗaukar wannan hukunci zuwa ko'ina. Idan rijiyar dunƙulalliya ce, mai bango ta kowace fuska, lissafin matakinta na ƙasa yana komawa irin na sin, reshensa kuma daga 1.57 yake tasowa. In z₀ bai kai haka ba, ba ta riƙe komai. Ana ganin wannan a diyutaron, ƙwayar da ke tsakiyar haidurojin mai nauyi, inda furoton da niyutiron suke manne: in aka kwatanta ƙarfin da ya haɗa su da irin wannan rijiya, da kyar da'irar ta tsallake 1.57. Matakinsa ɗaya ne tak, makamashin ɗaurinsa 2.22 MeV.

Wuraren da ake tuntuɓe ba su da yawa, kuma kowanne yana da alama. Mafi yawan faruwa shi ne barin kalkuleta a digiri maimakon radiyan: ka buga tan 1.2, in ka ga 0.02 maimakon 2.57, gyara ta kafin ka ci gaba. Na biye shi ne sa cikakken faɗi a gurbin a, abin da ke ninka z₀ ya ba ka matakai biyar a rijiyar da uku gare ta. Littattafai ma suna ƙara ruɗani, domin wasu daga gindi suke auna E, wasu daga baki, sai matakan su fito ƙasa da sifili. Amsa ɗaya ce, wurin farawa ne ya bambanta. Wanda ya fi wayo shi ne na masu gajarce hanya, waɗanda ke ninka gefe biyu na lissafin da kansu don su sami |cos z| = z/z₀. Hanya ce mai kyau, amma tana shigo da baƙin amsoshi a inda tan z yake ƙasa da sifili, wato inda wutsiya take ƙaruwa maimakon raguwa. Gwajin da ke kama su shi ne tsakanin kowace 1.57 da mai bi mata mataki ɗaya ne kawai, kuma cos da sin karɓa-karɓa suke. In ka sami biyu a gida ɗaya, ɗaya na bogi ne.

Lambobin da muka samu ma suna da iyakarsu. Mun ɗauka nauyin ilektiron ɗaya ne ciki da waje, alhali a AlGaAs ya ɗan fi, yana wajen 0.09 ko sama da haka. Masu ƙera na'ura suna gyara sharaɗi na biyu: abin da ake daidaitawa a bango shi ne gangare da aka raba da nauyi, ba gangare zalla ba. Wannan yana ɗan gusar da matakan, da'irar ma ta ɗan miƙe ta daina zama da'ira cif, amma hanyar ba ta sauya ba. Haka kuma shimfiɗin ta fuska ɗaya kawai ya tsare ilektiron. A kwance yana yawonsa, don haka kowane mataki da muka samu ƙasan wani rukunin makamashi ne.

Mai karatu da ke da kamfas da rula zai iya gwada nasa. A bar zurfi a 0.3 eV, a rage kaurin GaAs zuwa nanomita 6. Rabin faɗi ya zama 3, sau 0.726 ya ba da z₀ = 2.18. Da'irar ta wuce 1.57, ba ta kai 3.14 ba, saboda haka matakai biyu za a samu, na cos ɗaya da na sin ɗaya.